Na Daina Biya Amma Asusun Yana Nan: Yadda Na Nemi a Goge Bayanaina

Kusan shekara uku na yi ina biyan kuɗin wata-wata ga wani kamfani da ke ajiye wa mutane takardu da hotuna a intanet. Da na ga buƙatata ta ragu, sai na shiga asusuna, na danna inda aka rubuta Cancel subscription, na amsa tambayoyi biyu ko uku da suka yi mini game da dalilin tafiyata, saƙon tabbatarwa kuma ya shigo imel ɗina nan take. Wata ya ƙare, ba a cire ko kwabo daga katina ba, ni kuma na ɗauka cewa hulɗata da su ta zo ƙarshe ke nan, har na cire manhajar daga wayata na manta da batun.

Bayan wata bakwai sai ga saƙo daga gare su cewa sun sauya ƙa'idojin amfani da shafinsu, kuma sauyin ya shafi "asusunka". Wannan kalmar ce ta tsayar da ni. Na gwada tsohuwar kalmar sirrina, ta buɗe, sai ga komai yana nan yadda na bar shi: hoton shafin fasfo ɗina da na ɗora lokacin da nake cike wata takarda, bayanan asusun banki na watanni shida, jerin na'urori huɗu da na taɓa shiga da su tare da ranar da kowace ta yi shigar ƙarshe, da lambobi huɗu na ƙarshen katina da ranar da zai daina aiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wasu mahaɗai guda uku da na taɓa aika wa mutane domin su ga wasu takardu. Na kwafi ɗaya na buɗe shi a wata kwamfutar da ban taɓa shiga asusun da ita ba, takardar kuwa ta buɗe ba tare da an tambayi kalmar sirri ba. Watau tsawon watannin nan duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa yana iya karanta ta.

Ba a yaudare ni ba, domin da na koma na sake karanta saƙon tabbatarwar a tsanake, na ga abin da ya ce kawai shi ne za a daina cire kuɗi kuma za a mayar da asusun zuwa tsarin kyauta. A wurin irin waɗannan kamfanoni bayanan mutum ɗaya ba sa zama a wuri guda. Akwai sashen da ke lura da biyan kuɗi, akwai wanda ke riƙe da suna da imel da kalmar sirri, akwai rumbun da fayilolin kansu suke, akwai kuma jerin adireshin da ake aika wa talla da kundin saƙonnin da aka taɓa yi da masu taimaka wa abokan ciniki, waɗanda galibi ma wasu kamfanoni ne daban ke riƙe da su a madadin kamfanin. Soke biyan kuɗi yana taɓa sashe na farko ne kaɗai, inda ake sauya matsayin mutum daga mai biya zuwa wanda ba ya biya, sauran kuma babu abin da ya same su. Kamfanin yana da dalilinsa na barin su haka, tun da asusun da ke raye ya fi sauƙin dawowa ya ci gaba da biya fiye da wanda aka goge.

Kafin in taɓa komai sai da na tabbatar da ta inda ake cire mini kuɗin tun farko, saboda lamarin yana iya juyewa ta ɗaya gefen. Wanda ya yi rajistar biyan kuɗinsa ta App Store ko Google Play, yarjejeniyar biyan tana hannun wannan rumbun manhajojin ne, don haka cire manhaja daga waya ba ya tsayar da ita, goge asusu a wurin kamfanin ma ba lallai ne ya tsayar da ita ba. Mutum na iya wayar gari ana cire masa kuɗi a kan asusun da babu shi. Nawa da kati na biya kai tsaye a shafinsu, kuma shafin ya nuna a fili cewa an soke, amma duk da haka na duba jerin abubuwan da nake biya a wayata da kuma bayanan bankina na watannin baya kafin in ci gaba.

Daga nan na shiga kwashe abin da nake so in riƙe, domin gogewa ba ta da komawa. Shafin yana da wurin neman kwafin duk bayanan mutum. Na nema, aka ce in jira, bayan kwana biyu aka aiko mini da mahaɗin saukewa wanda zai daina aiki bayan kwana bakwai. Fayilolin sun kai kusan gigabait 11, an raba su gida shida. Na sauke duka, sannan na buɗe kowane ɗaya in gani da idona, kuma na yi sa'a da na yi hakan, domin kashi na huɗu ya ƙi buɗewa saboda intanet ya katse a tsakiyar saukewa; da na dogara da ganin sunansa a kwamfuta kawai, da na rasa hotunan shekara guda. Na kuma sauke rasit ɗin duk biyan da na taɓa yi, tun da bayan an goge asusu ba zan ƙara samun hanyar shiga in ɗauke su ba. Akwai wani babban fayil da muke amfani da shi tare da wani abokin aikina wanda ni ne na buɗe shi, kuma da yake nawa ne a wurin kamfanin, zai tafi tare da asusuna. Na mayar da mallakarsa ga abokin aikin, na jira ya tabbatar mini cewa yanzu sunansa ne a kai. Mahaɗan nan uku kuwa tun a ranar farko na kashe su ɗaya bayan ɗaya da hannuna.

Neman maɓallin gogewa ya ɗauke ni lokaci fiye da yadda ya kamata. A shafin saituna abin da ke bayyane shi ne Deactivate account, kuma bayanin da ke ƙarƙashinsa ya nuna cewa ɓoye asusun kawai yake yi, bayanai na nan, duk ranar da mutum ya sake shiga komai zai dawo. Wannan dakatarwa ce, kuma da yawa suna tsayawa a nan suna zaton sun gama. Shi kuwa Delete account yana can ƙasa a wani shafi na sirrin bayanai. Tun 30 ga Yunin 2022 kamfanin Apple ya wajabta wa duk manhajar da ke rumbunsa wadda ake buɗe asusu a cikinta ta ba mutum damar fara goge asusun daga cikin manhajar, Google Play ma daga baya ya kafa irin wannan sharaɗi, shi ya sa a yau maɓallin yakan samu ko da an tura shi lungu.

Ban danna shi nan take ba. Na fara karanta sashen manufofin sirrinsu da ke magana a kan tsawon lokacin da suke riƙe bayanai, sai na ga maɓallin yana goge asusu da fayiloli, amma bai ce komai ba game da saƙonnin da na taɓa yi da masu taimakonsu, ko jerin talla, ko bayanan da suka miƙa wa kamfanonin da ke yi musu aiki. A cikin waɗannan saƙonnin kuwa akwai wanda na taɓa haɗawa da hoton katin shaidata lokacin da aka kulle mini asusu. Saboda haka na yanke shawarar rubuta buƙata a rubuce zuwa adireshin da suka ware don al'amuran sirrin bayanai.

Manufofin nasu sun ambaci reshensu na Turai a matsayin wanda ke da alhakin bayanan, wannan kuma ya sa dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018, ta hau kansu. Sashe na 17 na dokar ya ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa, sashe na 12 kuma ya ce dole a ba shi amsa cikin wata ɗaya, ana iya ƙara wata biyu idan buƙatar tana da sarƙaƙiya, amma sai an sanar da shi dalilin jinkirin tun a cikin watan farko. Sashe na 19 ya ɗora wa kamfanin nauyin sanar da waɗanda ya miƙa wa bayanan cewa an nemi gogewa. Wasu wuraren suna da nasu dokokin da nasu wa'adin: dokar jihar Kaliforniya ta ba da kwana 45, Najeriya kuma ta kafa tata dokar kare bayanai a 2023 wadda ita ma ta tanadi haƙƙin gogewa. Abin da ya amfane ni shi ne gano dokar da ta hau kan wannan kamfanin tun kafin in rubuta, domin wasiƙar da ta ambaci sashe da wa'adi ba a karanta ta kamar ƙorafin yau da kullum.

Wasiƙar ba ta wuce sakin layi biyu ba. Na faɗi sunana da imel ɗin da asusun yake kai, na ce na riga na soke biyan kuɗi kuma ba a kan wannan nake magana ba, ina neman a goge asusun da duk bayanan da suka shafe ni ne, har da saƙonnin taimako da abubuwan da na haɗa da su, da adireshina a jerin talla. Na roƙi su sanar da kamfanonin da suka miƙa wa bayanan, su kuma gaya mini a rubuce abin da za su ci gaba da riƙewa, da dalilin riƙe shi, da tsawon lokacin. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta fi kowace amfani daga baya.

Kuskurena na farko shi ne na aika wasiƙar daga imel ɗin da nake amfani da shi yanzu, wanda ba shi ne aka buɗe asusun da shi ba. Bayan kwana huɗu aka amsa mini cewa ba za su iya tabbatar da cewa ni ne mai asusun ba, sai in aiko da hoton katin shaida. Tambayar tana kan hanya, tun da idan suka goge asusu bisa saƙon kowa da kowa to maƙiyin mutum ma zai iya sa a share masa komai, kuma dokar ta ba su damar neman ƙarin bayani idan suna da shakka mai dalili. Sai dai ni da nake neman a rage abin da suke riƙe da shi nawa, ban ga hikimar ƙara musu wani hoton katin ba. Na amsa cewa zan sake aiko da buƙatar daga imel ɗin da ke kan asusun, kuma a shirye nake in karɓi lambar tabbatarwa ta nan. Suka yarda, aka aiko da lamba mai alƙaluma shida, na mayar musu, magana ta ƙare.

Amsar da ta biyo baya ta nuna mini cewa rikicewar nan ba a wurin abokan ciniki kaɗai take ba. Wata ma'aikaciyar sashen taimako ta rubuto cikin ladabi cewa ta duba ta ga an riga an soke biyan kuɗina, ba za a ƙara cire mini komai ba, sannan ta rufe batun. Na sake buɗe shi, na maimaita cewa buƙatar gogewa ce, na rubuta ranar da na aiko ta da ranar da wata ɗaya zai cika, na roƙi a miƙa ta ga sashen da ke kula da sirrin bayanai. Washegari wani daban ya amsa, ya ba ni lambar buƙata, ya kuma yi mini bayanin tsarinsu: za a rufe asusun a ranar, za a jira kwana 30 ko zan sauya shawara, bayan nan a goge shi daga rumbunan da ake aiki da su, kwafin ajiya na ko-ta-kwana kuma zai shuɗe da kansa cikin kwana 90. A ƙasan saƙon akwai layi ɗaya da ya ce duk wata shiga asusun a cikin kwana 30 ɗin za a ɗauke ta a matsayin janye buƙatar. Na karanta layin, na ce ai ba ni da niyyar shiga, na wuce.

A rana ta 19 sai ga saƙo yana yi mini maraba da dawowa, yana cewa an dakatar da gogewar. Na daɗe ina tunanin ko wani ne ya samu kalmar sirrina, har sai da na duba jerin na'urori na ga sunan wata tsohuwar kwamfutar hannu da ta yi watanni a cikin durowa. A safiyar ranar na sa mata caji domin in duba wani abu daban, tana kama intanet sai manhajar kamfanin da ke kanta ta haɗa kanta da asusun don daidaita fayiloli, ba tare da na taɓa ta ba. A wurin tsarinsu wannan shiga ce, kuma kwanakin 19 sun tafi a banza. Da na san haka, da tun kafin in aika buƙata na danna Sign out of all devices domin fitar da asusun daga duk na'urori, na cire manhajar daga kowace na'ura har da waɗanda ba na amfani da su, na kuma goge kalmar sirrin da burauza ta adana. Haka na yi a karo na biyu, sannan na rubuta musu da lambar buƙatar farko na bayyana abin da ya faru. Ba su sake neman tabbatar da ni ba, amma ƙidayar kwana 30 ta koma farko.

Bayan ta cika, tabbacin ya zo a rubuce, tare da amsar tambayar da na yi musu game da abin da zai saura. Abubuwa uku suka lissafa. Rasit na biyan kuɗi, masu ɗauke da sunana da adadin kuɗi da ranaku, za su riƙe su na tsawon shekarun da dokar haraji ta wajabta musu, kuma wannan yana cikin keɓantattun dalilan da sashe na 17 kansa ya amince da su, don haka ban yi gardama ba. Za su kuma riƙe taƙaitaccen tarihin buƙatar tawa a matsayin hujjar cewa sun cika ta. Na uku shi ne adireshin imel ɗina a cikin jerin waɗanda ba a aika wa talla, wanda da farko ya ba ni haushi, amma da na yi tunani na ga cewa idan suka manta adireshin gaba ɗaya babu abin da zai hana ya sake shiga jerinsu ta wata hanya su ci gaba da aiko mini. Batun kwafin ajiya kuma ya fi sauran buƙatar haƙuri. Irin wannan kwafin ana ɗaukarsa ne na rumbun gaba ɗaya a dunƙule, ba a buɗe shi a tsamo mutum ɗaya, ana barinsa ne har sabo ya maye gurbinsa. Abin da na nema su tabbatar mini shi ne cewa idan wata matsala ta sa suka dawo da tsohon kwafi a cikin wannan lokacin, za su sake goge nawa, suka ce haka tsarin yake.

Ban tsaya a kan maganarsu kaɗai ba, na gwada abin da ake iya gwadawa daga waje. Shiga da tsohuwar kalmar sirri ta ƙi. Na danna Forgot password na sa imel ɗina, shafin ya ce idan akwai asusu a wannan adireshin za a aiko da saƙo, wanda ba ya nuna komai tun da shafuka da yawa da gangan suke ba kowa amsa iri ɗaya don kada a gane wanda ke da asusu. Abin dubawa shi ne ko saƙon ya iso, kuma na jira yini guda, har a akwatin saƙonnin banza, bai iso ba. Tsofaffin mahaɗan duk sun mutu, ko da yake su tun a ranar farko na kashe su da hannuna. Ban gwada buɗe sabon asusu da adireshin ba ko da yake wasu suna yin hakan, saboda yin haka miƙa musu bayanaina ne daga farko. Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne wanda sashe na 15 ya ba da dama, watau neman kwafin duk abin da suke riƙe da shi game da mutum. Na jira har kwana 90 suka wuce, na aika wannan buƙatar, amsar kuma ta zo da abubuwan nan uku da suka faɗa tun farko, babu ƙari, babu hoton katin shaidar da ke cikin tsohon saƙon taimako.

Abu guda ne ya kuɓuce musu a tsakani. Mako biyu bayan tabbacin gogewar sai ga saƙon talla yana yi mini tayin ragi idan na dawo. Na duba adireshin da ya aiko shi na ga na wani kamfanin aika saƙonni ne da ke yi musu aiki, alamar cewa umarnin gogewar bai kai can ba tukuna. Na tura musu saƙon tare da lambar buƙatata, suka ba da haƙuri suka ce jerin nasu bai daidaita da na wancan kamfanin ba, kuma daga ranar ban sake samun wani ba. Da sun yi shiru har wa'adi ya wuce, mataki na gaba shi ne kai ƙara ga hukumar kare bayanai ta ƙasar da reshen nasu yake, shi ya sa tun farko nake adana kowane saƙo da ranarsa, da hoton allo na kowane mataki, a cikin fayil guda a kwamfutata.

Daga ranar da na aika wasiƙar farko zuwa ranar da na samu amsar ƙarshe an yi kusan wata shida, alhali soke biyan kuɗin bai ɗauke ni minti biyar ba. Akwai kuma abin da buƙatar ba ta kai gare shi ba ko kaɗan. Ɗaya daga cikin mutanen da na aika wa mahaɗan nan ya riga ya sauke takardar zuwa wayarsa tun a lokacin, kuma wannan kwafin ba ya hannun kamfanin balle su goge shi. Sai da na kira shi na roƙe shi ya cire ta, ya duba ya ce yana da ita a wuri biyu, ɗaya a wayar, ɗaya kuma a wani rumbun intanet da wayarsa ke kwafa wa komai da kanta, ya goge duka biyun muna kan layi.